Idan Rumfa Ɗaya Ce a Kasuwa

Duk wanda ya taɓa sayen shadda a Kantin Kwari ya san inda ƙarfin mai saye yake. Ka taya, mai kaya ya ce albarka. Ka ƙara ɗan wani abu, ya sake cewa albarka. Sai ka ajiye masa kayansa, ka gyara hula, ka juya kamar za ka shiga shagon gaba. Kafin ka yi taku uku za ka ji murya a bayanka: "Alhaji, dawo mana, kawo kuɗin." Kai ba ka fi shi iya magana ba, shi ma bai ji tausayinka ba. Abin da ya sa ya kira ka shi ne akwai shagon gaba, kuma ya san irin wannan shaddar tana can. Da a ce shi kaɗai ke da ita a duk faɗin Kano, da sai ka yi ta tafiya har Ƙofar Mata ba wanda ya kira ka, gobe kuma ka dawo da ƙafarka ka biya abin da ya faɗa.

Ra'ayina a kan tsadar da muke kuka da ita ya tsaya a kan wannan taku ukun. Mun saba idan kaya sun yi tsada mu ce 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah, ko mu ce gwamnati ta fito ta ƙayyade farashi. Ni kuwa tambayar da nake fara yi ita ce: mutum nawa ne ke sayar da wannan abu, kuma idan na ƙi na wannan, ina da wurin zuwa? Inda amsar ta zama babu, to an yi babakere, kuma wa'azi ko barazana ba su cika sauya halin mai babakere ba, domin lissafinsa ne ke tura shi.

Bari in fara da ruwa, tun da shi ne abin da kowa a garin nan ya sani. A unguwar da na zauna shekarun baya, famfo ya daɗe da ƙafewa, rijiyoyin gida kuma sukan janye da zarar bazara ta kama. Mutum ɗaya ne ke da rijiyar burtsatse mai tanki a sama, a wurinsa 'yan garuwa ke cika kurarsu, a wurinsa yara ke layi da jarkoki. Zan daidaita alƙaluman yadda lissafi zai yi sauƙi, amma yadda abin ke tafiya haka yake.

A ce kowace jarka ɗaya tana cin mai rijiyar naira 30, idan an haɗa man janareta da gyaran injin da kuɗin yaron da ke tsaron famfo. A ce kuma mutanen unguwa suna sayen jarka 700 a rana idan kuɗinta naira 40 ne, kuma duk ƙarin naira 10 da aka yi, cinikin jarka 100 ne ke raguwa, saboda wasu za su rage wanki, wasu su koma tsohuwar rijiya, wasu su aiki yara nesa. To zauna a kujerarsa ka yi lissafin da yake yi da daddare. A kan naira 40, ribar jarka naira 10 ce, sau 700, ya tashi da 7,000. A kan naira 50 zai sayar da 600, ribar kowace 20, ya tashi da 12,000. A kan 60 zai sayar da 500, ya samu 15,000. A kan 70 zai sayar da 400 kacal, amma ribar kowace 40 ce, ya samu 16,000. Idan ya zarce zuwa 80, ciniki ya sauko 300, riba ta koma 15,000. Saboda haka a kan 70 zai tsaya.

Abu biyu ne a cikin wannan lissafi da mutane ba su cika lura da su ba. Na farko, mai babakere ba ya iya sa duk kuɗin da ya ga dama. Akwai inda idan ya wuce, shi ma zai fara asara, don haka ba ya kai jarka naira 200. Wannan ne ya sa yakan ce maka da gaskiyarsa, "Ai da ina son cutar ku da na ƙara." Bai ƙara ba ne don ƙarin ba zai amfane shi ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Ya fi samun riba a ranar da ya sayar da jarka 400 a kan ranar da ya sayar da 700. Wato rage ruwan shi ne sana'ar. Tankin na iya ba da 700, ƙasa ba ta hana ruwa ba, injin lafiyarsa ƙalau, amma jarka 300 ba za su fito ba a kowace rana. Naira 30 da aka ƙara wa masu sayen jarka 400 ɗin nan, wato 12,000, kuɗi ne da ya tashi daga aljihu ya koma wani aljihu, ana iya gardama a kan halaccinsa. Amma jarka 300 da ba a ɗiba ba, babu wanda ya ci su. Mai rijiya bai samu kuɗinsu ba, mutane ba su samu ruwansu ba. Suna nan a matsayin wankin da aka ɗaga zuwa jibi, da yaron da ya makara makaranta don ya tafi ɗiba nesa, da gidan da ya koma shan ruwan rijiyar da ke kusa da masai. Wannan asarar ba ta bayyana a littafin kowa, shi ya sa ba a kawo ta a taron unguwa.

Yanzu a ce wani ya haƙa tasa a layin baya. Ya tarar ana sayarwa 70, ya ce shi 60. 'Yan garuwa mutane ne masu lissafi, kura ɗaya tana ɗaukar jarka goma sha biyu ko fiye, ragin naira 10 a kowace jarka ya isa ya sa su juya akalar kura. Na farko ya wayi gari layinsa ba kowa, dole ya sauko 50. Haka za su yi ta saukowa har su iso kusa da abin da ruwan ke cin su, inda ragi ya zama asara. A nan farashi zai tsaya, wajen 40, kuma jarka 700 za su fito. Ba wanda ya shiryu a cikinsu. Kowannensu yana son 70 ɗin kamar yadda na farko ya so ta, sai dai ba shi da ikon riƙe ta.

Tsada dai ana ganinta, ana iya ƙirga ta. Abin da babakere ke yi wa ingancin kaya ya fi ɓoyuwa. A wancan lokaci na taɓa ɗebo ruwa na ga yana da wani kore-kore, ga ɗan wari. Na je na sami mai wurin na ce, "Alhaji, tankin nan kuwa yaushe rabon a wanke shi?" Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Malam, in bai yi maka ba ai ba dole." Ya san dole ce, ni ma na sani. Wanke tanki yana nufin a zubar da ruwan da ke ciki, a biya masu wanki, a rasa cinikin rabin yini. Me zai samu a madadin haka? Ko jarka ɗaya ba za ta ƙaru a cinikinsa ba, domin duk mai saye yana saye tun da ma. Me zai rasa idan bai wanke ba? Ko jarka ɗaya ba za ta ragu ba. Mai rumfa a cikin rumfuna goma yana gyara kayansa don kada a guje shi. Mai rumfa ɗaya tilo duk kuɗin da ya kashe a kan gyara, a wurinsa sadaka ce, kuma ba kullum ake son yin sadaka ba. Daga nan sai abin ya bazu zuwa komai: lokacin buɗewa ya zama sai ya ga dama, yaron famfo ya koyi tsawa, jarkar da ake cikawa har baki ta koma wuya. Idan kana son ka gane ko wuri babakere ne, kada ka tsaya a kan farashi kawai. Kai ƙorafi, ka ga yadda za a amsa maka.

Wani zai ce wannan ai labarin unguwa ne. To mu ɗauki abin da ƙasa gaba ɗaya ta gani da idonta, wato tarho. Kafin 2001, NITEL ce ke riƙe da harkar kusan gaba ɗaya, kuma layukan da ke aiki a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 120. Wato layi ɗaya ga mutum fiye da 250. A Kano, gidan da ke da lamba mai farawa da 064 sanannen gida ne a unguwa, maƙwabta kan ba da lambarsa ga 'yan'uwansu na Legas ko Makka, a kira, a aiki yaro ya je ya kirawo mutum. Neman sabon layi kuwa abu ne na jira wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ga jarka 300 ɗin nan da ba a ɗiba ba, amma a girman ƙasa: miliyoyin mutane da za su iya biya, suna son su biya, ba a ba su ba. A nan ma abin ya fi muni, domin kamfanin na gwamnati ne, ko ribar da ke sa mai rijiya ya tashi da asuba ba ta dame shi ba.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Nan da nan aka ga bambanci, amma a tuna yadda shekaru biyun farko suka kasance, domin akwai darasi a ciki. Layin sim kaɗai ana sayen sa dubban nairori, har ya kan haura 20,000 a farkon lamarin. Kira kuma naira 50 ne a minti, kuma da minti ake lissafi. Ka yi maganar daƙiƙa 10, an cire maka 50. Ka yi minti ɗaya da daƙiƙa ɗaya, an cire 100. Idan layi ya katse bayan sallama, ka biya kuɗin minti cikakke, ka sake kira ka sake biya. Mutane suka koyi magana ido na kan agogon waya, ana kai daƙiƙa 58 a katse ko da ana tsakiyar gaisuwa, abin da Bahaushe bai saba ba. A lokacin ne filashin ya yaɗu, da masu lema da tebur a bakin titi da ke sayar da kira. An yi ta roƙon a koma lissafi da daƙiƙa, amsar da ake bayarwa ita ce abin ba zai yiwu ba tukuna, sai nan da wasu shekaru.

Sai Globacom ta Mike Adenuga ta shigo a watan Agustan 2003, ta fara da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Cikin ɗan lokaci kaɗan abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a wurin sauran. Duba abin da wannan ke nufi ko da ba a rage kuɗin minti ba: raba naira 50 gida 60, kowace daƙiƙa ta kama kwabo 83. Kiran daƙiƙa 10 ya sauko daga naira 50 zuwa wajen 8. Kiran daƙiƙa 61 ya sauko daga 100 zuwa wajen 51. Kuɗin sim ma ya yi ta faɗuwa har ya zo ana bin mutum da shi a bakin titi. Etisalat ta shigo a 2008, sannan a 2013 aka ba mutum damar ya sauya kamfani ya tafi da lambarsa, wanda ya cire wata igiya da ke ɗaure mutane, domin da yawa suna zaune a layin da ba sa so ne don tsoron rasa lambar da abokan cinikinsu suka sani. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma kasuwar waya ta Farm Centre kaɗai tana ciyar da matasan da ba su ƙirguwa.

Abin da nake so a riƙe daga wannan tarihi shi ne biyu ba su isa ba. Kamfani biyu na iya kallon juna su fahimci juna ba tare da sun taɓa zama a ɗaki ɗaya ba: kowa ya san idan ya rage, ɗan'uwansa zai rage, su duka su yi asara, don haka kowa ya yi shiru. Wanda ke fasa wannan shirun shi ne baƙon da ya zo ba shi da ko mutum ɗaya, wanda ba shi da abin da zai rasa, dole sai ya ƙwato daga hannun wasu. Saboda haka yawan masu sayarwa a yau bai kai muhimmancin ko ƙofa a buɗe take ga wanda zai shigo gobe ba.

Da wannan ma'auni nake kallon siminti. Manyan masu yin sa uku ne, Dangote da BUA da Lafarge, biyu daga ciki ma na 'ya'yan Kano ne, kuma ba na cikin masu raina abin da suka gina. Ƙasar da ke dogaro da simintin jirgin ruwa ta koma tana yin nata a Obajana da Sakkwato da Ashaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, an kuma kai gare shi ne ta hanyar takaita shigo da na waje tun zamanin Obasanjo. Amma kariyar da aka yi wa jariri don ya yi ƙwari, akwai ranar da ya kamata a tambaya ko ya isa yaye. Gina masana'antar siminti na cin kuɗin da mutum kaɗan ne ke da shi, na waje kuma an tare masa hanya, to ta ina baƙon zai shigo? A watan Oktoban 2023 BUA ta sanar da rage farashinta zuwa naira 3,500 a bakin masana'anta, amma mai gini a Kano bai ga wannan farashi a shagon dila ba. Kamfani ɗaya da kayansa ba su isa su cika kasuwa ba, idan ya rage, ragin a hannun 'yan tsakiya yake maƙalewa, domin dila zai sayar a kan farashin da sauran buhunan kasuwa ke tafiya. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta kira kamfanonin aka yi zama, aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Ban ce an haɗa baki ba, kuma faɗuwar naira da tsadar gas da dakon mota duk gaskiya ne. Abin da na ce shi ne a kasuwar da sai minista ya kira taro kafin farashi ya sauko, mai saye ba shi da taku ukun nan na Kwari.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi ga duk abin da na faɗa, kuma bai kamata in tsallake shi ba. Wasu abubuwan ɗabi'arsu ce mutum ɗaya ya yi su. Ba hankali ba ne kamfani uku su kafa turakun lantarki uku a layi ɗaya a Fagge, kowa da wayarsa da taransifomarsa, domin kuɗin kafawar zai ninka uku, a kanmu kuma zai dawo. Shi ya sa da aka sayar da harkar rarraba wuta a watan Nuwamban 2013, aka bar ƙasar a rabe gida 11, kowane kamfani da yankinsa, KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Mutane da yawa sun zaci za a ga irin abin da aka gani a waya. Ba a gani ba, kuma dalilin a fili yake: a waya an kawo masu gasa, a wuta kuwa an sauya mai babakeren ne kawai, daga gwamnati zuwa 'yan kasuwa. Mazaunin Kano ba shi da ikon ya ce ya koma kamfanin Kaduna.

A irin wannan wuri, abin da ke maye gurbin shagon gaba abu biyu ne: ma'auni da alƙali. Ma'aunin shi ne mita. Gidan da ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, yana cikin halin wanda mai awo ya auna masa hatsi a bayan labule ya ce tiya goma ce. Mafi muni, kamfanin da ke karɓar kuɗi ko ya kawo wuta ko bai kawo ba, daidai yake da mai tankin da ba ya wankewa, gyara ba ya ƙara masa komai. Da zarar an sa mita, duk awar da babu wuta ta zama asararsa shi ma. Alƙalin kuma shi ne hukumar kula da wutar lantarki ta NERC, wadda a watan Afrilun 2024 ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, bisa sharaɗin a ba su aƙalla awa 20 a rana. Tsarin a takarda daidai ne, kuɗi a kan inganci. Ƙarfinsa kuwa ya dogara ga ko ana ƙirga awannin da gaske, ana kuma hukunta wanda ya gaza. Abin lura ma shi ne ɗan sauƙin da ake samu yanzu ta wata ƙofa ya shigo, wato faranten sola da ke yawaita a rufin gidaje da shaguna. Shi ne karon farko da mai shago zai iya juya baya ya yi taku uku.

To me zai hana gwamnati ta ƙayyade farashin komai a huta? Koma wa mai rijiya. A ce an umarce shi ya sayar a kan 40. Idan aka tsaya a kansa, mai yiwuwa ya bi, kuma a wurin da babu makawa sai mutum ɗaya, wannan ita ce hanyar. Amma wa zai tsaya a kan kowace rijiya? Ran da man janareta ya tashi, jarka ta koma cin sa 45, wa zai gyara umarnin a kan lokaci? In ba a gyara ba, sai ya ce inji ya lalace, ya rufe da rana, ya buɗe da dare ga wanda zai biya 80. Kuma mai niyyar haƙa ta biyu zai fasa. Magabata sun san wannan. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya ce Allah ne Mai sa farashi. Amma shi ne kuma ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi, ya kuma hana a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Ni ba malami ba ne, malamai sun yi bayanin inda hukuma ke da damar sa hannu idan cuta ta bayyana, amma fahimtata ita ce an bar farashi ya yi tafiyarsa, an kuma hana duk abin da zai sa mutum ɗaya ya riƙe wuyan kasuwa. Dokar da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar kare gasa da haƙƙin masu saye ta FCCPC, kusan a kan wannan turba take: ba laifi ba ne ka yi girma, laifin shi ne ka yi amfani da girman ka toshe wa wasu hanya, ko ku haɗa baki ku tsayar da farashi.

Wannan na ƙarshen ya kawo ni inda maganar ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Muna son gasa ran da muke saye, muna ƙin ta ran da muke sayarwa. Sau nawa muka ji ƙungiyar masu wata sana'a ta yi taro ta fitar da sanarwa cewa daga Litinin kaza ya koma kaza, kuma duk wanda ya sayar ƙasa da haka za a ci shi tara? Masu burodi, masu ruwan leda, masu injin niƙa, masu aski, duk mun ji irinta. A 2023 sai da FCCPC ta gargaɗi ƙungiyar masu POS a kan yunƙurin tsayar da kuɗin cire kuɗi bai ɗaya. Mutum ɗari da suka yi rantsuwa a kan farashi ɗaya, a wurin mai saye rumfa ɗaya ce mai ƙofa ɗari. Na san hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: fulawa ta tashi, gas ya tashi, idan aka bar kowa ya yi ragi, ƙananan za su mutu. Amma idan tsadar kayan aiki ce ta tilasta ƙarin, kowa zai ƙara da kansa ba sai an yi taro ba. Tarar da ake ci ita ce ke tona asirin, domin ba a cin tarar mutum a kan abin da zai karya shi. Ana cin sa ne don an san zai iya sayarwa da araha ya kuma ci riba, wato ya fi sauran iya sana'ar, ko ya fi su haƙuri da riba kaɗan. Ƙungiya na da aikin yi mai yawa: ta sayo kaya a dunƙule don mambobi su samu rangwame, ta kori masu algus, ta tsaya musu a gaban masu haraji. Sa wa mai saye farashi ba ya cikin aikinta.

A unguwar tamu dai daga baya wani ɗan kasuwa ya sayi fili a layin baya ya haƙa tasa, ya sa mata sola, don haka ba ya sayen mai. Satin da ya buɗe, na wuce ta gaban tsohuwar na ga an jingina tsani a jikin tanki, yara biyu a ciki da buroshi da omo, koren ruwa na gangarowa kwata. Alhajin na tsaye yana ba da umarni. Da ya hango ni sai ya ɗago hannu tun daga nesa, ya ce, "Malam, kwana biyu! Ina ka shiga ne? A turo yara da jarkoki mana, an gyara wuri."

Bayan kamar wata huɗu, na fara ganin su biyun suna dawowa daga sallar Isha'i tare, suna tsayawa a wurin mai shayi. Ranar wata Asabar aka wayi gari an liƙa takarda a jikin tankunan biyu, rubutun hannu ɗaya, farashi ɗaya.